Umarni da hani a Larabci: inda ɗalibanmu na Madina ke yawan tuntuɓe

Ɗalibin da ya zo Madina karatu yana jin Larabci iri biyu a yini guda. A aji malami yana cewa "ƙul", a kasuwa mai shago yana cewa "guul". Duk biyun umarni ne da a yi magana, amma ɗaya ne kawai zai samu maki a takardar nahawu. Yawancin kurakuran fi'ilul amri da na hani tushensu ɗaya ne: ɗalibi yana gina umarni daga madi, ko daga abin da kunnensa ya tsinta a titi, alhali asalinsa mudari'i ne mai jazmu. A misalan da ke tafe, wasalin da aka ninka shi ne mai ja.

Hanyar ita ce ka ɗauki mudari'in wanda kake yi wa magana, ka yi masa jazmu, sannan ka cire ta'in farko. "Taktubu" ya zama "taktub", a cire "ta" ya rage "ktub". Balarabe ba ya fara kalma da harafi mai ɗauri, saboda haka sai a kawo hamza ta riƙe bakin: "uktub". Idan kuwa harafin da ya rage a farko yana da wasalinsa, ba a ƙara komai. "Tu'allimu" ya ba da "allim", "tusaafiru" ya ba da "saafir". Wanda ya ce "isaafir" ya ƙara abin da ba a nema ba.

Wasalin hamzar yana bin harafin tsakiya na mudari'i. In rufu'a ce, hamza ta ɗauki rufu'a: "tadkhulu", "udkhul". In kisira ce ko fataha, hamza ta ɗauki kisira: "tajlisu", "ijlis", "taftahu", "iftah". A nan ake zamewa, domin hankali yana cewa fataha ta jawo fataha, sai a ji "aftah". Hamza mai fataha tana zuwa ne a babi guda, babin af'ala mai harafi huɗu, kamar "arsala, tursilu, arsil" ko "akrama, tukrimu, akrim". Wannan hamza ce ta yanke, ana rubuta alamarta kuma ba ta faɗuwa a tsakiyar magana, ka ce "wa arsil". Hamzar irin su "uktub" kuwa ta sadarwa ce, da zarar wawu ya gabace ta sai ta ɓace a furuci, kamar yadda muke karantawa a ƙarshen Suratul Alaƙ: "wasjud waƙtarib". Bambancin yana canza ma'ana. "Ukhruj" fita, "akhrij" fitar da wani abu.

Hani ya fi sauƙi, amma shi ma ana ɓata shi. Ba a cire ta'in farko, ana sa "laa" ne a gaban mudari'i mai jazmu: "laa taktub". Mai cewa "laa uktub" ya haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. Hausa ma tana taimakonmu a nan. Muna cewa "rubuta" kai tsaye, amma idan za mu hana sai "ka" ta dawo, mu ce "kada ka rubuta". Ta'in Larabci ita ce wannan "ka". Kuskure na biyu shi ne barin rufu'a a ƙarshe. "Laa taktubu" labari ne, ba ka rubutawa. "Laa taktub" shi ne hani. Ga jam'i, mace guda da mutum biyu, alamar jazmun ita ce goge nuni: "laa taktubuu", "laa taktubii", "laa taktubaa". Wanda ya rubuta "laa tajlisuuna hunaa" a ƙofar ɗaki ya ba da labari ne cewa ba sa zama a nan, bai hana kowa ba. A tuna da alifin da ake rubutawa bayan wawun jam'i, ba a furta shi amma ana cire maki a kansa. Nunin mata da yawa kuwa ba ya gogewa, domin shi lamiri ne, ba alamar rufu'a ba: "uktubna", "laa taktubna".

Inda matsalar ta fi nauyi shi ne fi'ilai masu harafin illa, kuma ya kamata a bi guda ɗaya daki-daki. Ɗauki "ƙaala". Mudari'insa "taƙuulu". Da jazmu ya shiga, lam ya samu ɗauri, ga wawu mai ja a gabansa shi ma ɗaure yake. Ɗauri biyu ba sa zama jere, sai wawu ya tafi, a samu "taƙul". Cire ta, ƙaf yana da wasalinsa, ba a buƙatar hamza: "ƙul", hani kuma "laa taƙul". To yanzu juya ga mace. Lam ya ɗauki kisira saboda ya'in mace, babu sauran ɗauri biyu, don haka wawu ya dawo: "ƙuulii". Haka "ƙuulaa" da "ƙuuluu". A jam'in mata lam ya sake ɗaurewa, wawu ya sake tafiya: "ƙulna". Tambaya ɗaya ce ake yi a kowane wuri, shin harafin ƙarshe ɗaure yake ko yana da wasali? Da ita za ka fitar da "ƙum", "bi'", "nam" da "laa takhaf". Yaren Hijaz bai goge wawun ba, shi ya sa ake jin "guum" da "ruuh" a bakin direba. Wannan daidai ne a yarensa, kuskure ne a fus'ha.

Idan harafin illa a ƙarshe yake, shi ake gogewa, a bar gajeren wasali ya nuna gurbinsa. "Tad'uu" ya zama "ud'u", "tamshii" ya zama "imshi", "tansaa" ya zama "laa tansa", kamar a aya ta 77 ta Suratul Ƙasas: "wa laa tansa nasiibaka minad dunyaa". Kunne ba ya saurin kama wannan, a rubutu ake ganinsa. Mafi muni a cikin irinsa shi ne rubuta "Allaahumma salli" da ya'i a ƙarshe, abin da ya cika saƙonnin waya ranar Juma'a. "Sallii" mai ya'i siga ce ta yi wa mace magana, kuma bai dace ko kusa a fuskanci Allah da ita ba. Lam mai shadda da kisira, shi ke nan.

Akwai fi'ilin da gogewa ke ci ta gaba da ta baya har harafi ɗaya ya rage. "Waƙaa, taƙii", jazmu ya ba da "taƙi", a cire ta ya rage "ƙi". Shi ne mai ɗawafi yake maimaitawa tsakanin Rukunul Yamani da Hajarul Aswad: "wa ƙinaa azaaban naar", ka kare mu. Uku kuma haddace su ake yi, don sun yar da hamzarsu: "khuz", "kul", "mur".

Saura abin da ke rikita mai i'irabi. Idan alif da lam suka biyo bayan umarni mai ɗauri, ɗaurin yana juyewa kisira don a iya furtawa, kamar "ƙumil laila" a Suratul Muzzammil, ko "uktubid darsa". Wannan kisirar ta haɗuwar ɗauri biyu ce, fi'ilin yana nan a kan ɗaurinsa, kuma namiji ake yi wa magana. Kada a ƙara mata ya'i a rubutu.