Yadda na gyara matsalar haɗa sauti a ɗakina

Waƙar da na haɗa a ɗakina a Zoo Road kan yi daɗi, amma in an sa ta a mota sai gangar ta yi laƙwas. Ashe sifikokin gida nake amfani da su, waɗanda ke ƙara wa ƙasan sauti kauri, ni kuma ina ta rage shi.

Na koma sifikokin situdiyo, masu fitar da sauti ba ƙari. Na ɗora su kan maɗori, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti daidai kunnena. Tsakaninsu mita 1.2, daga kowace zuwa kaina ma haka, na karkato su suna kallona. Na janye su daga kusurwar ɗaki, don nan kaurin ke taruwa. Yanzu muryar mawaƙi na zama tsakiya cak.