Darasi: Idan Takardar Gwaji Ta Nuna ESR ko CRP Ya Hau

A takardar sakamakon gwajin jini za ka iya ganin haruffa uku, ESR ko CRP, da lamba a gabansu. A asibitocin Nijar ana rubuta VS a madadin ESR. ESR da CRP dukansu abu ɗaya suke nema, wato alamar kumburi a cikin jiki, irin wanda ƙwayar cuta ko rauni ko ciwon gaɓoɓi ke tayarwa. Suna iya nuna cewa akwai kumburi, amma ba sa faɗin wace cuta ce, ba sa kuma nuna inda take.

Yadda ake yin ESR

Ana ɗibar jini a gauraya shi da maganin hana daskarewa, a zuba a wani siririn bututu mai ma'auni har milimita 200, a tsayar da shi cak na awa ɗaya. Jajayen ƙwayoyin jini sukan kwanta ƙasa kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba, ruwan jinin ya tsaya a sama. Tsawon wannan ruwa na sama shi ake aunawa, a rubuta shi da mm/hr, wato milimita a awa ɗaya. Idan akwai kumburi, hanta takan ƙara sakin wasu sinadarai da ke sa ƙwayoyin su manne da juna, su yi nauyi, su nutse da sauri. Sai lambar ta hau.

Iyakar lafiya tana tafiya da shekaru. Ga lissafi mai sauƙi da likitoci ke amfani da shi: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace kuma ta ƙara 10 a kan shekarunta sannan ta raba biyu. Dattijuwa mai shekara 60 iyakarta wajen 35 ke nan, don haka in ta ga 30 a takardarta ba abin tashin hankali ba ne.

CRP kuwa sinadari ne da hanta ke yi, kuma shi kansa ake aunawa a jini. Yakan fara hawa sa'o'i 6 zuwa 8 bayan kumburi ya soma, ya kai ƙololuwa cikin kamar kwana biyu, ya sauko da sauri in magani ya kama. ESR yakan ɗauki kwanaki kafin ya hau, ya yi makonni kafin ya sauka. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar CRP da ke ƙasa da 5 ko 10 mg/L a matsayin lafiya. A duba ma'aunin da kyau, domin wasu da mg/dL suke rubutawa, kuma 1 mg/dL daidai yake da 10 mg/L.

Mu ɗauki misali

A ce mace mai shekara 30, da cikin wata bakwai, tana fama da kasala. An gwada ta, ESR ya nuna 55, alhali iyakarta bisa lissafin nan 20 ce. Mijinta ya tsorata, yana shirin zuwa kemis sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta. To amma CRP ɗinta 4 mg/L ne, ba ta da zazzaɓi, gwajin PCV kuma ya nuna jininta ya yi ƙasa. Juna biyu kaɗai yana ɗaga ESR, ƙarancin jini ma haka, domin idan ƙwayoyin sun yi kaɗan sun fi saurin nutsewa. Abin da wannan baiwar Allah ke buƙata shi ne ma'aikatan awon ciki su binciki dalilin ƙarancin jinin su magance shi. Shan kafso barkatai ba zai sauke lambar ba, yana ma iya cutar da ita da abin da ke cikinta.

Da a ce magidanci ne mai tari fiye da mako biyu, yana rama, yana zufa da dare, ESR ɗinsa ya haura 100, wannan kam ba a jinkiri. Lamba irin wannan takan zo da babbar cuta, kamar tarin fuka ko wani nau'in kansa. Duk da haka ba ita ke tabbatar da tarin fuka ba, sai an gwada majinar ƙirjinsa.

Akwai kuma inda lamba ƙarama ke yaudara. Ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa mannewa da juna yadda ya kamata, saboda haka ESR ɗinsa kan zauna ƙasa ko da cuta na cinsa. Yaro mai sikila da ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti nan take, kome takarda ta ce. Kuskuren aiki ma yana canja sakamako: bututun da ya ɗan karkace yakan ɗaga lambar, jinin da ya daɗe a ajiye kafin a gwada kuma yakan rage ta. Idan sakamako bai yi daidai da yadda kake ji a jikinka ba, tambayi likita ko za a maimaita.

Aikin aji

1. Lissafa iyakar ESR ga namiji mai shekara 50, da ta mace mai shekara 50.
2. Takarda ta nuna CRP 3 mg/dL. Nawa ke nan a mg/L?
3. Faɗi abu biyu da suka ɗaga ESR na matar da ke cikin misalinmu.