Yadda na gyara lissafin ƙwayoyin yisti daga hoton faifan Neubauer

Alhamdu lillahi, an warware matsalar. Ruwan yistin ya yi kauri har ya daina nuna haske, amma lissafin da nake samu daga hotunan maikiroskop na faifan Neubauer, wato gilashin ƙirga ƙwayoyi mai zanen murabba'ai, bai wuce ƙwayoyi miliyan 4.2 a kowace mililita ba. Na sake tsarma samfurin, na girgiza shi sosai kafin ɗiba, adadin bai motsa ba.

Ashe matsalar tana wajen gane murabba'in da ke cikin hoton. An ɗauke shi da gilashin 40x, saboda haka gidaje 16 da ake gani ba na babban murabba'in kusurwa mai milimita 1 ba ne, na matsakaicin murabba'i ne mai milimita 0.2, ɗaya daga cikin 25 da ke tsakiyar faifan. Abin da ya tabbatar mini shi ne layuka uku-uku da suka kewaye shi ta kowane gefe.

Sai na ƙirga matsakaitan murabba'ai biyar daga cikin 25 ɗin, huɗu na kusurwa da na tsakiya, ina haɗawa da ƙwayoyin da suka taɓa layin sama da na hagu, ina barin na ƙasa da na dama don kada a ƙirga ƙwaya sau biyu. Na samu 210, wanda za a ninka sau 5 don a samu na duka murabba'ai 25 ɗin, waɗanda suka haɗu suka yi babban murabba'i ɗaya. Zurfin faifan milimita 0.1 ne, wato babban murabba'i yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 10,000 na mililita, kuma na tsarma samfurin ninki 10:

```
210 × 5 × 10,000 × 10 = 1.05 × 10^8
```

Wato ƙwayoyi miliyan 105 a mililita, ninki 25 na adadin farko.