Yadda zaka jera fostin na kirga kwanaki kafin rangwamen ƙarshen shekara

Da farko ka tsaida rana, misali 27 ga Disamba lokacin albashi ya shigo, sai ka kirgo kwana bakwai baya. Ranar 20 ka saka hoton shadda ɗaya kawai a status ɗin WhatsApp ka rubuta saura kwana 7, kada ka faɗi farashi tukuna. Saura kwana 5 kayi ɗan bidiyo a shagonka na Babbar Kasuwar Sakkwato kana warware yadin jama'a suga ƙyallinsa, ana saura 3 sai ka fito da tsohon farashi da sabo, in ka fito dashi da wuri wallahi ciniki tsayawa zaiyi kowa na jiran ranar. Ka riƙa sakawa bayan Isha'i tunda status awa 24 yake ɓacewa. Daren ƙarshe lambar waya da lokacin buɗe shago kawai.