Babi na 7: Yadda Gyaran Rana Ɗaya Zai Koma Aikin Wata-wata

Darasi na 1: Kafin ka tattara kayan aiki

Misalinmu a wannan babi mai gyaran sola ne. An kira ka wani kemis saboda firij ɗin magani yana mutuwa cikin dare. Ka duba, ka tarar ruwan batir ya ja baya, kawunan batir sun yi farin gari, ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe farantan da ke kan rufi. Ka gyara, an biya ka naira 15,000.

Kada ka tafi tukuna. Kira mai kemis ya leƙa batir da idonsa, ka nuna masa tsumman da ka goge faranti da shi. Ka ce: "Alhaji, wannan matsala za ta dawo, don ƙura ba ta fashi, ruwan batir kuma kullum raguwa yake. In ka yarda, jibi zan kawo maka takarda." Jibi fa, tun bai manta daren da firij ya mutu ba.

Darasi na 2: Takardar tayi

Tayi shi ne ka faɗi abin da za ka yi da abin da za a biya ka. Samu farar takarda guda, ka rubuta a gefe ɗaya kawai. Kwanan wata a sama, sai sunan mai kemis, sai sallama. A ƙarƙashi ka rubuta aikin: "Zan riƙa zuwa sau biyu a wata. Zan wanke faranti da sassafe kafin su yi zafi, in duba ruwan batir, in cika shi da tataccen ruwa idan ya ragu, in goge kawuna in ɗaure wayoyi."

Yanzu mun iso inda kusan kowa ke tuntuɓe. Layi na gaba shi ne abin da mai kemis zai samu. A nan ɗalibai kan rubuta: "A taimaka mini da aikin nan, ina da iyali." Allah ya rufa asiri, amma wannan roƙo ne, kuma mai roƙo sau ɗaya ake ba shi. Alhaji zai biya kowane wata ne idan ya ga abin da kuɗinsa ke tsare masa. Ka rubuta: "Batir da ruwansa ya ƙafe yana lalacewa da wuri. Idan ana kula da shi zai daɗe, firij zai kwana da sanyi, insulin da alluran da ke ciki ba za su lalace ba." Kafin ka rubuta, tambayi farashin sabon batir a kasuwa, ka sa shi kusa da kuɗin watanka, Alhaji ya kwatanta da kansa.

Karanta layinka da ƙarfi. Wa ya amfana a cikinsa? Idan kai ne, soke ka sake. Ba komai, hannu na sabawa. Sake karantawa: akwai firij ɗin Alhaji a ciki? Akwai batir ɗinsa da maganinsa? Idan babu, sake rubutawa. Ba wa na kusa da kai ya karanta, ka tambaye shi: "Me mai kemis zai samu?" In ya yi shiru, layin bai yi ba.

Kuma don Allah a daina kwafar misalin nan harafi da harafi. Wani ya kai wa mai shagon aski takarda tana maganar insulin! Mai aski damuwarsa kada injin aski ya tsaya kan mutum na rabi. Kowane mai wuri da asarar da yake tsoro, ita za ka rubuta. Abin da zai samu, Malam, ba abin da kake bukata ba. Sau nawa za a faɗa?

Darasi na 3: Iyakar aiki

Rubuta abin da ba ya cikin kuɗin wata: "Sabon batir, waya, fiyus da gyaran inbata, kuɗinsu daban. Kiran gaggawa ɗaya a wata kyauta, na biyu naira 3,000." In ka tsallake wannan, za a kira ka gyaran fankar gidan Alhaji a ce ai ana biyanka.

Darasi na 4: Kuɗi

Haɗa kuɗin mota, tataccen ruwa da ladanka. A misalinmu naira 8,000 a wata, a biya a farkon wata. Rubuta shi da lamba da kuma kalmomi. Nemi gwajin wata uku.

Darasi na 5: Sa hannu

Kwafi biyu, ku sa hannu ku duka, kowa ya riƙe ɗaya.

Aikin gida: rubuta layin abin da mai wuri zai samu, ga mai kemis, mai aski da mai cajin waya.