"Ya ce" ko "ya ce wai": kurakuran da muke yi in za mu isar da saƙon wani a rubuce

Ni aikina duba rubutun ɗalibai ne, amma gaskiya inda na fi ganin wannan matsalar ba a littafin aji ba ne, a waya ne, a 'yan gajerun saƙonnin nan da muke tura wa juna na "Baba ya ce", "Anti ta ce". Layi biyu kacal amma sai ka karanta sau uku ba ka gane wa zai je ina ba. Kuma abin yana damuna sosai don na ga yadda yake haɗa mutane faɗa a gida ɗaya a kan abin da ba wanda ya yi niyyar sa.

Bari in kawo wanda ya faru a gidanmu. Ranar Laraba da yamma ƙanina ya je shagon Kawu a Kantin Kwari, Kawu ya ba shi saƙo da baki ya kai wa Yayanmu. Ga abin da Kawu ya faɗa:

"Gobe zan tafi Zariya, jibi zan dawo. Ka ce wa yayanka in na dawo ya kawo mini motata nan, kada ya ba yaro, na biya bakanike."

Yaron bai tura ba sai da safiyar Alhamis, ga abin da ya shiga wayar Yaya:

"Yaya, Kawu ya ce gobe zan tafi Zariya jibi zan dawo, ka kawo mini motata nan kada ya ba yaro, ya biya bakanike."

Yaya ya kira ni yana tambaya me zai kai ƙaninmu Zariya, kuma yaushe ya yi mota. Kalmomin duk na Kawu ne kusan, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, amma saƙon ya lalace.

Tushen abin shi ne hanya biyu ce kawai ta kawo maganar wani. Ko dai ka kawo ta yadda ta fito daga bakinsa, ka sa ta cikin alamar zance, ba ka taɓa ko harafi ba, ko kuma ka mayar da ita bakinka gaba ɗaya, kai ne "ni", wanda kake rubuta wa shi ne "kai" ko "ke", mai maganar ya koma "shi" ko "ita". Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne a fara da hanya ɗaya a ƙare da ɗaya. Dubi saƙon yaron, "zan tafi" da "mini motata" bakin Kawu ne, "ka kawo" bakin yaron ne da yake magana da Yaya, "kada ya ba yaro" ya sake komawa bakin Kawu, "ya biya" kuma ya dawo bakin yaron. Sau huɗu ya sauya baki a jimla ɗaya. In da murya ce ba komai, don mutum yana ɗan canza murya in ya shiga maganar wani, mai sauraro ya gane. Rubutu ba shi da wannan.

To gyaran wakilin suna, mutane suna tuna na gaban aikatau, wato "zan" ya koma "zai", sai su manta da waɗanda suke maƙale a jikin wasu kalmomi. "Mini" ya koma "masa". "Da kaina" ya koma "da kansa". "Nawa" ya koma "nasa", "tawa" ya koma "tasa". Sai na mallaka, wanda nan ne ake yawan zamewa: "motata" ba "motansa" za ta koma ba, "motarsa" ce, don mota tamace ce, r ɗin nan da ba a gani a "motata" dole ya fito. "Kuɗina" kuwa "kuɗinsa". Sannan ka lura "ni" ba ta nuna jinsi, namiji da mace duk "ni" suke cewa, amma da zarar ka mayar da maganar bakinka dole ka zaɓa, in Gwaggo ce ta ce "zan kawo zanena" to "za ta kawo zanenta". Na sha ganin ɗalibi ya fara da "ta ce" ya ƙare da "zai", musamman in jimlar ta yi tsawo ya manta wa ya faro da ita.

Yanzu maganar lokaci, kuma nan nake so a tsaya da kyau. Waɗanda suka sha darasin Turanci an koya musu cewa in aka ruwaito magana dole lokacin aikatau ya ja baya taki ɗaya. Wannan dokar Turanci ce, a can take, kuma wanda zai rubuta jarabawar Turanci ya riƙe ta. Amma Hausa ba haka take ba. A Hausa ana auna lokacin ne daga sanda aka yi maganar. In yarinya ta ce "ina jin yunwa", ko bayan shekara kake ba da labari "ta ce tana jin yunwa" za ka ce. In ka ja shi baya ka rubuta "ta ce ta ji yunwa" ka canza maganarta. Haka "zan tafi" yana zama "ya ce zai tafi", ko da ya riga ya je ya dawo. Wanda ya gyara shi zuwa "ya ce ya tafi" ya sa wa Kawu maganar da bai yi ba.

Inda siffar aikatau take canzawa da gaske a Hausa shi ne umarni da tambaya. Umarni kai tsaye kamar "Zo!" ko "Tashi!" ba ya shiga bayan "ya ce" haka tsirara, sai an sa masa lamiri: ya ce in zo, ya ce ka zo, ya ce ki tashi, ya ce mu jira. Hani ma haka, "kada ya ba yaro" in Yaya kake faɗa wa ya zama "kada ka ba yaro". Tambaya kuma, wadda amsarta e ko a'a ce tana ɗaukar "ko": Inna ta ce "Kun ci abinci?" sai ka rubuta "Inna ta tambaya ko mun ci abinci", kuma ba alamar tambaya a ƙarshe don kai ba tambaya kake yi ba, labari kake bayarwa. In ta ce "Kana ina?" sai ya zama "ta tambayi inda nake", ka ga "kana" da zai koma "ina" na lokaci mai ci a bakinka, bayan "inda" sai ya zama "nake", ba a cewa "inda ina". "Me kuka saya?" ya zama "ta tambayi abin da muka saya", ba "abin da mun saya" ba.

Akwai wani tarko da ba laifin kowa ba ne, rubutun bokonmu ne ya zo da shi. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu na yau da kullum. "Ya biya" da dogon wasali yana nufin an gama biya, "ya biya" da gajeren wasali da sauti ƙasa yana nufin ana so ya biya. A baki ba mai rikita su, a rubuce kuwa harafi ɗaya ba ya bambanta su. Shi ya sa Yaya da ya karanta "kada ya ba yaro, ya biya bakanike" ya ɗauka ana so wani ya je ya biya ne, har ya fara neman kuɗi. Wannan matsalar tana kan "ya", "ta" da "ka". Ba ta tasowa ga jam'i don "sun biya" daban "su biya" daban, "mun" da "mu", "kun" da "ku", haka "kin" da "ki". Maganinta ka ƙara 'yar kalma: in an gama ne ka ce "ya riga ya biya" ko "tuni ya biya", in umarni ne ka ce "ya ce dole ya biya" ko "ana so ya biya".

Sai kalmomin rana da wuri. "Gobe" ta Laraba ita ce "yau" ta Alhamis, kuma saƙon waya ba ka san yaushe za a buɗe shi ba, wani sai ya samu data, wani sai an kawo wuta ya yi caji. Ni shawarata kullum a haɗa da sunan rana, "yau Alhamis", "gobe Juma'a". In labari ne na abin da ya daɗe, "gobe" ta koma "washegari", "yau" ta koma "a ranar". "Nan" kuma a bakin Kawu shago ne, a saƙon yaron da yake zaune a gida "nan" gida ne, gara a kira wurin da sunansa.

Wanda kusan ba mai lura da shi, kuma ni shi ya fi burge ni, shi ne o ɗin ƙarshen aikatau mai nuna abu yana tahowa wajen mai magana. Kawo da kai, zo da je, turo da tura, dawo da koma, shigo da shiga. Kawu ya ce "ya kawo" don motar wajensa za ta zo. Yaron da yake gida in ya rubuta "ka kawo" to wajensa yake kiran motar. "Ka kai masa" ne daidai. Amma "zai dawo" ta zauna yadda take tunda dukkanmu a Kano muke, dawowar Kawu wajenmu ce. Da a ce Yaya da yaron suna Zariya ne sai ta zama "zai zo" da "zai koma".

In an bi duka, ga saƙon:

"Yaya, Kawu ya ce yau Alhamis zai tafi Zariya, gobe Juma'a zai dawo. Ya ce in ya dawo ka kai masa motarsa shago, kada ka ba yaro, kuma ya riga ya biya bakanike."

Kalma goma kacal ya fi saƙon yaron tsawo.

Game da "wai", a yi hattara da ita. Tana da amfani wajen nuna maganar ba taka ba ce, amma sau da yawa tana ɗauke da shakka, kamar kana cewa ni dai haka na ji ban tabbatar ba. "Kawu ya ce wai ya biya bakanike" in Kawu ya gani zai iya jin kamar ana ƙaryata shi, shi ya sa ban sa ta a gyaran ba. In babba ne ya ba ka saƙo "ya ce" ta wadatar.

Sai kuma in maza biyu suka haɗu a jimla ɗaya, kamar "Kawu ya ce wa Yaya zai biya". Wa zai biya? Ko ka sa "shi" ba lallai ta warware ba, don dukansu "shi" ne. Nan ba dabarar nahawu da za ta cece ka, maimaita sunan kawai, "Kawu ya ce wa Yaya shi Kawun ne zai biya", ko kuma ka buɗe alamar zance ka bar Kawu ya faɗa da bakinsa: Kawu ya ce wa Yaya, "Ni zan biya."