Hoton zaɓuɓɓuka kaɗai ba ya isa

'Yan uwa ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC, don Allah in za ku turo lissafi a taimaka muku, ku haɗa da tambayar. Sau da yawa hoton yakan zo a yanke, ba komai a ciki sai A. 12, B. 14, C. 24, D. 48.

Ku duba abin da hakan ke jawowa. In fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 6, aka ce a nemo girmansa, amsa 48 ce. In kuwa alwatika ce mai gindi 8 da tsayi 6, rabin wancan ne, wato 24. In an ce a tara 8 da 6 ne kawai, 14 ke nan. Lambobi iri ɗaya, amsoshi uku, duk suna cikin zaɓin. Wanda ya ce muku "C ce" bai ga tambayar ba, canka kawai ya yi, kuma ku za ku haddace kuskure.

Ku ɗauki hoton tun daga lambar tambayar, har da zanen in akwai. In tambayar ta faro daga shafin baya, ko an rubuta umarni a sama wanda ya shafi tambayoyi da dama, ku ɗauko shi shi ma. Kafin ku tura, ku buɗe hoton ku tabbata ƙananan lambobin da ke saman harafi, irin na x², suna karantuwa.